Fitila Na Nan a Zaure: Yadda Amshi Ke Ƙara wa Waƙa Nauyi

A baiti na shida na fara jin kujeru suna motsi. Taron marubuta ne na yammacin wata Asabar, mutum ba su fi talatin ba, ni kuma ina tsaye da takarda ina rera wata waƙa da na kwashe makonni ina sassaƙa. Baitoci goma sha biyu ne, kowanne yana ƙarewa da amshi guda. A karo na farko da na biyu mutane sun karɓa mini amshin da daɗin rai. A na huɗu muryoyin suka ragu. Kafin in kai na takwas ni kaɗai nake faɗarsa, wani a baya ya sunkuya kan wayarsa, wata kuma tana gyara goyo tana duban ƙofa. Abin ya yi mini ciwo, domin labarin da ke cikin waƙar ba ƙage ba ne a wurina. Wata tsohuwa ce a unguwarmu da ɗanta ya tafi ci-rani bai dawo ba, ta shekara da shekaru tana ajiye fitilar ƙwai a zaure kowane dare.

Da aka tashi, wani dattijo da ya daɗe yana rubuta waƙa ya riƙe ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗana, ba ni takardar nan." Ya duba ta sama da ƙasa, ya sa yatsa a kan baiti na uku, ya ce, "In na ɗauke wannan na kai shi na tara, me zai lalace?" Na duba, na ce, "Babu komai, Baba." Ya ce, "To, ka ga inda matsalar take. Amshinka ba shi da laifi. Kai ne ba ka motsa ba."

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga cikinta ya fito.

Bahaushe bai taɓa ƙin maimaici a waƙa ba. Da shi aka raine mu. Waƙar raino 'yan kalmomi ne ake juyawa har yaro ya yi barci. A dandali, mai ba da waƙar gaɗa tana jefa ɗango, sauran 'yan mata suna karɓa da abu guda har wata ya yi tsakiya. Makaɗan baka kuwa sun gina sana'arsu kacokan a kan abin da manazarta ke kira gindin waƙa, wato kalmomin da ake komawa gare su bayan kowane ɗa. Mamman Shata kan yi waƙa mai tsawo 'yan amshinsa ba su sauya ko harafi ɗaya ba, kalangai na tashi, kuma ba ka jin kowa ya ƙosa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun bi wata hanyar, inda 'yan amshi ke karɓar magana daga bakin jagora su ƙarasa ta, sannan a koma gindi tare. Har Ɗan Maraya Jos, da yake waƙa shi kaɗai da kuntiginsa ba 'yan amshi, yakan koma wa jigon waƙarsa da bakinsa.

Sai dai marubucin waƙa ya san cewa makaɗi yana da abokan aiki da shi ba shi da su. Akwai kiɗa, wanda ke riƙe jikin mai sauraro ko da hankalinsa ya ɗan tafi. Akwai murya, mai iya faɗar kalma guda yau da zafi gobe da sanyi. Sannan amshi yana yi wa makaɗi wani aiki na zahiri: a 'yan daƙiƙun da yaransa ke amsawa yake shaƙar numfashi, ya dubi fili, ya ga wanda ya shigo, ya shirya ɗan da zai jefa. A kan takarda duk waɗannan babu su. Idon mai karatu yana da sauri, kuma da zarar ya gane cewa ɗangon ƙarshe ba ya sauyawa, sai ya fara tsallake shi. Amshin da ido ya fara tsallakewa ya tashi daga aiki, ko da an buga shi sau ashirin.

Ga irin baitin da na karanta a wancan taro:

Inna na kewa da rana,
Zuciyarta tana ta ƙuna,
Fitila na nan a kunne.

Karinsa daidai ne, amsa-amonsa ya zauna. Amma sauran sha ɗayan duk 'yan'uwansa ne na ciki ɗaya: Inna na kuka da safe, Inna na bege da yamma, Inna ta rame, Inna ta ƙi cin abinci. Na ɗauka ina ƙara wa baƙin cikin nauyi ne, alhali mai sauraro ya gama fahimtar komai tun a baiti na biyu. Amshin yana maimaita kansa, baitocin ma suna maimaita kansu. Maimaici biyu ke nan aka haɗa a wuri guda, babu abin da ke tafiya.

Amshi kamar turke yake. Amfanin turke shi ne ya tsaya cik, dabbar da aka ɗaure ce ke zagayawa. Kalmomin amshi ba sa sauyawa, amma abin da ya zo gabaninsu yana iya sauya wanda ke faɗarsu, da lokacin da ake faɗarsu, da halin da ake ciki. In ɗaya daga cikin ukun nan ya motsa, mai sauraro zai ji tsofaffin kalmomin da sabuwar ma'ana. Saboda haka mafi yawan aikin mai son amshinsa ya rayu yana kan ɗangon da ke dab da amshin.

Gyaran farko da na yi kalma ɗaya ce. Na cire "a kunne" na sa "a zaure". Ta fuskar kari ban yi asarar komai ba: ɗangon gaɓa takwas ne a kan ma'aunin ramal, wato fa'ilatun sau biyu, kuma "kunne" da "zaure" nauyinsu ɗaya a bakin mai rerawa. Ta fuskar ma'ana kuwa bambancin babba ne. "A kunne" ta riga ta yanke hukunci: fitila tana ci, akwai mai kula da ita, akwai fata. Duk inda na kai ɗangon, abin da zai ce ke nan. "A zaure" wuri kawai ta faɗa. Ba ta ce fitilar tana ci ba, ba ta ce ta mutu ba, ba ta ce wa ya ajiye ta ba. Wannan sararin da ta bari shi ne inda baitoci za su yi aikinsu. Tun daga lokacin, in zan zaɓi amshi nakan gwada shi a bakin mutum uku: mai murna, mai fushi, mai makoki. In bai shiga bakin biyu daga cikinsu ba, na san zai gajiyar da ni kafin in yi nisa.

Sannan na zubar da baitoci sha biyun, na sake gini da biyar, na sa labarin a bakin ƙanwar wanda ya tafi. Na farko:

Tun da Yaya ya yi nisa,
Inna kan ce, "Kar ku ƙosa,
Fitila na nan a zaure."

A nan amshin maganar uwa ce, lallashi ne da alkawari. Aikin baitin farko ke nan: ya dasa kalmomin a kunne da ma'anarsu mafi sauƙi, ba tare da wata dabara ba. Mai sauraro yana bukatar ya mallaki amshin kafin a fara juya masa shi. Na biyu:

Damina kan zo ta shuɗe,
Har maƙwabta na ta zunɗe:
"Fitila na nan a zaure!"

Kalmomin suna nan yadda suke, amma sun koma bakin maƙwabta, sun zama abin ba'a. Wanda ya san zaman unguwa ya san yadda ake ɗaukar maganar mutum a mayar masa da ita habaici. Kalmar "zunɗe" ce ta yi duk aikin, kuma da gangan na ajiye ta a ƙarshen ɗango, dab da amshi, don ta shafa masa launinta. Na uku:

Ko da rumbu babu dawa,
Sai ta sai mai duk da yunwa,
Fitila na nan a zaure.

Yanzu ƙanwar ce ke magana da bakinta, kuma akwai ɗan ɗaci a ciki. Fitilar ta fara cin kuɗin cefane. Wanda ke gida yana kwana da yunwa saboda wanda ba ya nan. Ban sa ta ce ta ji haushi ba. Da na sa, da na ƙwace wa amshin aikinsa. Jera yunwa da kananzir kusa da juna ya isa mai sauraro ya ji nauyin da kansa. Na huɗu:

Inna ta cika tun da rana,
Babu mai ƙyasta ashana,
Fitila na nan a zaure.

Wannan baitin ne ya biya ni ladan sauya kalmar nan guda. Da amshin "a kunne" ne, da ba zai yiwu ba sam. Sau uku mai sauraro yana ganin fitila mai haske a ransa, ba tare da an gaya masa tana ci ba. A karo na huɗu kalmomin nan dai suka nuna masa ita a mace, cikin zaure mai duhu. Hasken da ya saba gani a baitoci uku na baya shi ya sa duhun ya yi masa nauyi. Ɗangon da aka faɗa sau ɗaya ba zai iya wannan ba, domin ba shi da tarihi a kunnen mai ji. Na ƙarshe:

Yau da hantsi mun yi baƙo.
"Inna ta bar maka saƙo:
Fitila na nan a zaure."

Amshin ya koma wurin mai shi, maganar Inna ce kamar a farko, sai dai ta zama wasiyya, kuma ta isa kunnen wanda aka yi ta dominsa bayan lokaci ya ƙure. Ya dawo da hantsi, sa'ar da fitila ba ta da amfani. Ban ambaci sunansa ba, "baƙo" na kira shi a gidan ubansa.

In aka yi wa waɗannan biyar gwajin dattijon nan, za a ga ba sa ɗaukuwa. Kai na huɗu gaban na biyu, maƙwabta sun koma yi wa mamaciya zunɗe. Kai na biyar farko, babu saƙon da zai girgiza kowa. Wannan shi ne gwaji mafi sauƙi da na sani, kuma kowa na iya yin sa: rubuta kowane baiti a 'yar takarda daban, ka cakuɗa su, ka ba wani ya jera. In kowane jeri ya yi daidai, waƙar tana tsaye wuri ɗaya, kuma amshi ne zai fara ɗaukar laifin. Gwaji na biyu shi ne ka rufe komai, ka karanta ɗangon da ke gaban amshi da amshin kawai, tun daga sama har ƙasa. A waƙar nan za ka ji ƙosa, zunɗe, yunwa, ashana, saƙo. Labarin duka yana cikin kalmomin nan biyar. A tsohuwar kuwa, da ka ji ƙuna, hawaye, bege, rama, duk ma'ana guda cikin riguna daban.

Kada a ɗauka ina cewa dole kowane amshi ya riƙa sauya ma'ana. Akwai wanda ƙarfinsa yana cikin ƙin sauyawa. Waƙar Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, tana rufe baitocinta da kalmomin da suka zama sunanta. Ba a son ma'anarsu ta motsa ko kaɗan, domin hatimi ne ake bugawa a kan kowane gargaɗi. Amma ko a can akwai abin da ke tafiya: laifin da ake ambata da wanda ake yi wa magana suna sauyawa, daga mai mulki zuwa alƙali zuwa sauran jama'a, har mai sauraro ya fara jiran inda za a zo kansa. Alƙur'ani mai girma ba waƙa ba ne, amma malaman balaga sun daɗe suna nuna wa ɗalibai hikimar maimaici a cikinsa. A Suratur Rahman, mai ayoyi 78, aya guda ta zo sau 31, wani lokaci bayan ambaton ni'ima, wani lokaci bayan ambaton azaba, kuma duk wanda ya saurare ta a sallar tarawihi ya san ba iri ɗaya take sauka a zuciya ba. Kunnen da ya tashi da irin wannan karatu yana gane maimaici mai dalili da wanda babu.

Wanda babu dalilin yana da alamomi. Mafi yawansa ciko ne. Marubuci ya rasa gaɓa biyu don kari ya cika, sai ya jefa "lallai" ko "haƙiƙa" ko "ɗan'uwa", ya ga ta yi masa sauƙi, ya sake jefa ta a baiti na gaba. Hanyar gane ta ita ce ba ta da mazauni: yau tana farkon ɗango, gobe tsakiya, duk inda rami ya samu. Maimaicin da aka yi da niyya yana da wurin zama, mai sauraro yana iya hango zuwansa. Haka abin yake ga babban amsa-amo a doguwar waƙa mai ƙwar biyar. Wanda ya zaɓi harafi mai sauƙi irin "wa" ko "ya" yakan wayi gari yana juya kalmomi shida ko bakwai a ƙarshen baitoci hamsin, kuma mai karatu yana lura tun kafin shi ya lura.

Akwai kuma maimaicin farkon ɗango, inda ake buɗe layuka a jere da kalma guda, kamar "babu" ko "ina" ko "wa ya". Yana da daɗi a baki, shi ya sa yake da haɗari. A nawa aikin na ga cewa na biyu yana sa kunne ya lura, na uku yana sa ya fara jira, na huɗu kuwa dole ya zo da wani abu, ko dai mafi nauyin abubuwan da ake jerawa, ko kuma ya karya jerin gaba ɗaya. In za ka ce babu gero, babu dawa, babu gishiri, to abu na huɗu da babu kada ya zama wani kayan miya. Ya zama mutum.

Batun tsawo ma yana da muhimmanci, ko da yake ba shi da ƙa'ida a rubuce. Baitina ɗango uku ne, amshi ɗaya daga ciki, wato sulusin waƙar maimaici ne. Wannan kaso yana da yawa, shi ya sa biyar suka ishe ni. Da baitocin masu ƙwar biyar ne, inda amshi ke zuwa bayan ɗango huɗu sababbi, da waƙar za ta iya ɗaukar goma ko fiye ba ta gaji ba. Adadin baitocin da amshi zai iya ɗauka shi ne adadin fuskokin da ka samo masa. Ni biyar na samu. Na gwada na shida, inda Yaya ke ɗaukar fitilar yana kuka, na ga bayani ne kawai na abin da mai sauraro ya riga ya ji, na yage shi.

Wasu marubuta kan so su sauya kalma ɗaya a amshin ƙarshe don su girgiza mai karatu, kuma dabarar tana aiki in an yi ta sau ɗaya tak, bayan amshin ya kafu. Na yi tunanin rufewa da "Fitila ta bar mu zaure" ko wani abu mai kama da haka. Na fasa, domin saƙon Inna ne, kuma mai isar da wasiyya ba ya gyara ta. Wanda ya fara taɓa amshinsa tun a baiti na biyu kuwa, yau ya ƙara kalma gobe ya rage, ba zai samu abin karyawa a ƙarshe ba, tunda bai bar kunne ya riƙe komai ba.

Ƙaramin abu ɗaya game da bugu. An saba a rubuta amshi sau ɗaya a saman waƙa, sannan a riƙa sa kalmar "Amshi" ko ɗige-ɗige a ƙarshen kowane baiti don tsimin takarda. Ga waƙar da za a rera da 'yan amshi wannan ba laifi. Ga irin tawa kuwa kisa ne. A baiti na biyu amshin yana da alamar motsin rai, a na uku da na huɗu ba shi da alamar zance, a na biyar ya koma cikinta. Waɗannan 'yan alamomi su ne muryar da takarda ke da ita, kuma sai an rubuta ɗangon cikakke kowane karo za su fito.

Bayan wata biyu na koma taron da sabuwar waƙar. Dattijon yana zaune a layin gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Ban roƙi kowa ya karɓa ba, amma a baiti na biyu suka karɓa da ƙarfi, har wata ta turo baki irin na masu zunɗe aka yi 'yar dariya. A na uku muryoyin suka yi ƙasa. Da na kai "babu mai ƙyasta ashana" na dakata ina jiran su, babu wanda ya buɗe baki, sai na faɗi amshin ni kaɗai, a hankali. A na biyar, kafin in ƙarasa "saƙo", na ji shi yana tasowa daga bayan ɗakin, muryoyi uku ko huɗu, can ƙasa-ƙasa. Na naɗe takardata na bar musu suka ƙarasa.